Birkin bakin bindiga: nawa yake rage duka, nawa yake ƙara ƙara?

Tambaya: "Ƙarfen nan mai ramuka da ake ɗaurawa a bakin bindiga, yaya yake hana ta duka da ɗaga kai? Me ya sa masu harbi kusa da ni ke tsanarsa?"

Dukan bindiga ba daga harsashi kaɗai yake zuwa ba. Iskar albarushi da ke biyo shi tana fita da gudun da ya fi nasa, tana tunkuɗa bindigar baya. Birkin yana da bangaye a ciki: iskar ta buge su ta ja bindigar gaba, sannan ta fice ta ramukan gefe. Shi ya sa amfaninsa ya fi bayyana a harsashi mai albarushi da yawa, irin babban harsashin .50 BMG na bindigar Barrett M82. A ƙaramin harsashi irin .22 LR kuwa ado ne kawai.

Ɗaga kai daban ne. Bututun yana saman inda kafaɗa ta tokare, sai bindigar ta juya sama. Kwamfanseta, wato ƙarfen baki mai hana ɗaga kai, na fitar da iskar ta sama don ya danne bakin, kamar yankakken bakin bindigar AKM. In ramukan sun yi yawa, za ka ga bakin na dulmiya ƙasa.

Ƙarar da a da take tafiya gaba yanzu ta dawo kanka da na gefenka. Bindigar farauta ba birki ma takan kai desibel 160 a ma'aunin ƙara, alhali 140 ya isa ya lalata ji. Sa matoshin kunne, ka ɗora marufi a kai.