Na danna 8 ya ba ni 4: laifin Goertzel ne ko in koma FFT?

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina haɗa na'urar kunna famfon ruwa ta hanyar kiran waya da Arduino Uno. Na sa Goertzel, N = 205, samfuri 8000 a sakan, ina karantawa da `analogRead()` a cikin `loop()`. In na danna 8 sai ya ce 4, 9 ya ce 5, shi kuwa 1 ba ya ji sam. FFT ya fi daidai ne? Na gaji wallahi.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Sannu, na san wannan ciwon, kuma lambobin da ka kawo sun riga sun tona asirin matsalar. Kada ka taɓa Goertzel ɗinka tukuna, lafiyarsa ƙalau. Agogon ɗaukar samfurinka ne yake yi maka ƙarya.

Ka rubuta 8000 a kod, amma wa ya gaya wa Uno ya ɗauki 8000? `analogRead()` yana gudu ne iya ƙarfinsa. Na'urar ADC ɗin kanta tana cin maikirosakan 104 a kowane karatu, in aka haɗa da ɗan jinkirin kod sai ka samu wajen samfuri 8900 a sakan. To lissafinka yana zaton 8000 ne, saboda haka kowane sauti zai bayyana masa ƙasa da inda yake, da kashi 8000/8900. Maɓallin 8 shi ne 852 Hz haɗe da 1336 Hz. Ka lissafa da kanka: 852 zai dawo kusan 766, wato dab da 770. Shi kuma 1336 zai dawo kusan 1201, dab da 1209. Mene ne 770 da 1209? Maɓallin 4. Haka 9 yake zamewa ya zama 5. Shi 1 kuwa, 697 ɗinsa ya faɗo wajen 626 inda babu mai sauraro, shi ya sa shiru. Na tabbata in ka danna 5 zai ce maka 1.

Abin da ke ƙona rai a nan shi ne kuskuren ba ya kama da kuskure. Sautukan DTMF, wato sautuka takwas na maɓallan waya, rukuni biyu ne, na ƙasa da na sama, a kowane rukuni kowanne ya ɗara na ƙasansa da wajen kashi 10 cikin ɗari, kuma saurin da agogonka ya ƙara wajen kashi 11 ne, sai amsar ta fito tsaf, da ƙarfinta, amma ta maƙwabci. Mutum ya kwana yana canza iyakar ƙarfi, ya canza kafasito, ya zargi wayar, ya zargi kamfanin layi, ya sayi wani allo, alhali duk ba can take ba. Masu watsa irin wannan kod ɗin da 8000 a rubuce ba tare da taima ba sun cuci masu koyo ƙwarai. Layi ɗaya na gargaɗi ya isa, amma ba su rubuta ba, kuma kowa sai kwafa yake daga wani. Ko FFT ka sa a kan wannan agogon, 4 ɗin nan dai zai ba ka.

Gyaran: ka bar Timer1 ya riƙe lokaci. Uno yana gudu a 16 MHz, in ka raba da 8000 ka samu 2000, don haka `OCR1A = 1999` a yanayin CTC ba tare da rage gudun agogo ba. Kowane maikirosakan 125 samfuri ɗaya, kuma 104 na ADC ya shiga ciki. Kafin ka yarda, ka ƙirga da `micros()`: samfuri 205 dole su ci milisakan 25.6. In ka ga 23, har yanzu kana nan inda kake.

Yanzu batun tsada. Ga duk aikin Goertzel na sauti ɗaya:

```
coeff = 2*cos(2*PI*k/N)
s = x + coeff*s1 - s2;  s2 = s1;  s1 = s;
power = s1*s1 + s2*s2 - coeff*s1*s2
```

Layin tsakiya ne kaɗai ake maimaitawa a kan kowane samfuri: ninkawa ɗaya, tarawa ɗaya, ɗebewa ɗaya. Na ƙarshe sau ɗaya ake yinsa bayan an cika 205. Sauti ɗaya ke nan ninkawa 205, takwas ɗin duka 1640. FFT mai maki 256 na yau da kullum yana da ninkawar lambobi masu ɓangare biyu guda 1024, kowace kuma ninkawa huɗu ce, jimilla 4096. Wanda aka gyara don siginar sauti zalla yana rage wajen rabi. Saboda haka in sauti ɗaya ko biyu kake nema, Goertzel ya yi masa fintinkau. A takwas sun kusa yin kunnen doki, kuma in ka kai goma sha shida, kamar masu duba ninkin kowane sauti don bambance muryar mutum, FFT mai kyau ya fara fin araha. Ƙa'idar da ake bi ita ce adadin sautukan kada ya wuce log2(N) sosai.

Amma a kan Uno ba ninkawa ce ke yanke hukunci ba, memori ne. Bayit 2048 gare ka gaba ɗaya. FFT 256 da `float`, jeri biyu, bayit 2048 cif, bai bar maka ko ɗaya ba. Goertzel yana riƙe `s1` da `s2` ne kawai ga kowane sauti, kuma ba ya tilasta maka N ya zama 128 ko 256. Dalilin 205 ke nan: a 8000 yana sa takwas ɗin su faɗa kusa da cikakkun lambobi, k = 18, 20, 22, 24, 31, 34, 38, 42. Mafi nisa shi ne 770, wanda k = 20 ke saurara a 780, asarar wajen desibel ɗaya. In ta dame ka, ka sa k = 19.73 kai tsaye, lissafin `power` bai damu ba.

Af, kafin in manta, ka cire 512 daga kowane karatu, kuma ka mayar da `s1` da `s2` sifili bayan kowane zagaye. Wanda ya manta na biyun zai ga maɓallin da aka saki tuni yana ta dawowa.

Akwai wani ramin a gabanka da zarar ka gyara taima. Bugun agogo 2000 ne tsakanin samfuri da samfuri, kuma `float` a wannan guntu kowane aiki yakan ci bugu ɗari ko fiye. Ayyuka 24 ba za su shiga ba. Ko dai ka tara samfuri 205 a jeri, bayit 410, ka lissafa daga baya, ko ka koma cikakkun lambobi: ka ninka `coeff` da 16384, na 697 ya zama kusan 27906, bayan ninkawa ka yi `>> 14`. Hattara a nan, don Allah. Da cikakken sauti na ±512, `s1` yana iya kaiwa 100000, ya fasa `int16_t`, kuma ninkinsa da 27906 ya fasa `int32_t` ma. Alamarsa ita ce yana aiki da sauti a hankali, ka ƙara murya ya haukace. Ka yi `x >> 2` tun farko, sai `s1` ya tsaya ƙasa da 26000, ninkawar kuma ka yi ta a `int32_t`.

Tunda famfo ne, kada ka karɓi lamba sai ta fito sau biyu a jere, kuma mafi ƙarfi a kowane rukuni ya ninka na biye da shi da kyau, in ba haka ba maganar mutum ko kukan injin zai kunna maka ruwa da tsakar dare. Ni da zan ba ka shawara ma, ka sa lambobin sirri huɗu kafin umarni. In lokaci ya ƙure maka, guntun MT8870 yana yin aikin nan duka da kiristal ɗinsa na 3.579545 MHz, ya miƙo maka lambar a ƙafa huɗu. Amma ka fara auna milisakan 25.6 ɗin nan, ka dawo ka gaya mana abin da 5 ya ba ka.