Jawabin da tafinta zai fassara: yadda ake rubuta shi

Tambaya: "Ni ne sakataren ƙungiyarmu ta 'yan albasa. Shugabanmu zai yi jawabi a wani taron 'yan kasuwa a Lome, babban birnin Togo, an ba shi minti 10. Da Hausa zai yi, wani ya riƙa juyawa zuwa Faransanci yana gefensa. Na rubuta shafi uku. Ya isa ko in ƙara? Kuma akwai abin da ya kamata in kiyaye?"

Malam sakatare, shafi uku ya yi yawa, ragewa za ka yi. Minti goman nan na mutum biyu ne. Duk abin da shugaba ya faɗa sai tafinta ya sake faɗarsa, ga kuma ɗan shirun da ke shiga tsakani duk sa'ad da ɗaya ya tsaya ɗaya ya ɗauka. Idan ka cire wannan, abin da ya rage wa shugaba bai wuce minti huɗu ba, ko huɗu da rabi in tafintan gwani ne. Mai karanta jawabi a natse yana yin kalma 100 zuwa 120 a minti ɗaya, don haka kalma 400 zuwa 450 kake nema, wato kusan shafi guda. Wanda ya je da shafi uku, ko dai a katse shi kafin ya kai ga buƙatar da ta kawo shi, ko kuma ya fara gudu, tafinta ya koma taƙaitawa, kuma shi zai zaɓi abin da zai zubar, ba kai ba.

Abu na farko da zai ci maka lokaci shi ne gaisuwa. Mun saba jero manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, kowa da sarautarsa da addu'arsa. A bakin mutum biyu wannan kaɗai yana iya cinye minti biyu. Ka ambaci mutum biyu ko uku da ba za a iya tsallakewa ba, sauran ka haɗa su a jimla ɗaya. Buƙatarku kuma ta zo a cikin minti na farko, kada ka ajiye ta sai ƙarshe.

Sai ainihin aikin, wato yanka magana. Mutane suna jin an ce a gajarta jimla sai su riƙa datse ta ko'ina, shugaba ya faɗi kalma biyar ya tsaya ya dubi tafinta. Wannan ya fi doguwar jimla wahalar da shi, domin ba kalmomi yake juyawa ba, ma'ana yake juyawa, kuma ba zai iya fara jimlarsa ba sai ya san inda taka ta dosa. Kowane yanki ya zama magana cikakkiya: wa ya yi, me ya yi, ga wa. Jimla ɗaya ko biyu, kalma 12 zuwa 20, sannan a tsaya. Tafintan da ya yi karatun aikin yana iya riƙe maganar minti biyu ko uku yana rubuta alamomi a ɗan littafinsa, amma a irin tarukanmu galibi wani ɗan kasuwa ne ko malamin makaranta da ya iya harsunan biyu, da ka yake riƙewa. Don shi za ka rubuta.

Hausa tana da wuraren da bai kamata a tsaya ba ko kaɗan. Korewarmu sau da yawa tana da "ba" biyu, ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe, kuma idan ka cusa dogon bayani a tsakaninsu, kafin a kai ta biyun tafinta ya manta cewa kore maganar ake yi. Haka jimlar da ta fara da "idan", "ko da yake" ko "duk da cewa": rabinta na farko ba ya tsayawa shi kaɗai. Ga irin abin da nake zaton yana cikin shafukanka:

"Kamar yadda kowa ya sani, duk da irin ƙoƙarin da ake ta yi da kuma alkawuran da aka sha ɗauka a tarukan baya, har yanzu direbobinmu ba su daina fuskantar tsaiko a shingayen hanya da kan iyakoki, inda akan tsayar da su na tsawon kwanaki ana neman takardun da su kansu ba su san da su ba, lamarin da ke sa kaya su ruɓe a jawo mana asara mai yawa ba."

A kunnen Bahaushe wannan ba ta da laifi sosai. Amma dubi abin da tafinta zai fuskanta. Bai san wa ke ƙoƙarin ba, bai san wa ya yi alkawarin ba, "su" ta zo sau da yawa, wata ta direbobi, wata ta takardu, wata ta kaya, kuma "ba" ta ƙarshe tana can nesa da 'yar'uwarta. Sannan babu abin da aka roƙa. Ga yadda za ka warware ta, kowane layi yanki guda, shugaba ya tsaya a ƙarshensa:

1. Babbar matsalarmu ita ce tsaikon motoci a hanya.
2. Motar albasa tana tashi daga Aliero, a jihar Kebbi ta Nijeriya, zuwa Lome.
3. Jami'an kan iyaka suna tsayar da motar kwana biyu ko uku, suna neman ƙarin takardu.
4. Albasa ba ta jure zafi a cikin rufaffiyar mota. Idan ta daɗe, ruɓewa take yi.
5. Saboda haka muna roƙon abu ɗaya: a ba mu jerin takardun da ake buƙata, a rubuce, tun kafin mota ta tashi.

Kwanakin da na sa misali ne, ka sa naku na gaskiya. Lura da cewa na maimaita "mota" da "albasa" maimakon "ita", na kuma faɗi wanda ke tsayarwa maimakon "akan tsayar". A rubutun karantawa maimaici aibi ne, a nan kuwa shi ne ke hana tafinta ƙage. Idan ka bar "an ƙara mana haraji", wani tafintan zai cike gurbin da kansa ya ce gwamnatin Togo ce ta ƙara, alhali kuna zaune a gaban jami'anta. In da gangan kuka ƙi kama suna, ka gaya masa tun da wuri cewa ya bar ta haka. Kalmomin haɗi kuma, irin su "amma", "saboda haka", "dalili kuwa", ka sa su a farkon yanki, domin bayan an tsaya an fassara, su ne ke nuna wa masu sauraro cewa zaren bai tsinke ba.

Lambobi su ne inda aka fi yin ɓarna, kuma tunda 'yan kasuwa ne a zauren, su za a rubuta a tafi da su. Yanki ɗaya, lamba ɗaya. Faransanci yana ƙirga 80 a matsayin ashirin sau huɗu, 97 kuma ashirin huɗu da goma sha bakwai, don haka tafinta yana yin ɗan lissafi a kansa kafin ya furta. Idan ka jero masa lambobi uku a jimla, ɗaya za ta faɗi. Inda ba ciniki ake ƙullawa ba, ka dunƙule: "kusan buhu 300" ya fi "buhu 297". Kowane kuɗi ka faɗi sunansa, naira ko sefa. Kada kalmar "dala" ta fito ita kaɗai, domin a Nijeriya kuɗin Amurka ake nufi, a bakin Bahaushen Nijar ko na zangon Lome kuwa dala ɗaya sefa biyar ce, jika kuma sefa 1,000. Abin da muke kira biliyan su miliyar suke ce masa, kuma suna da wata kalma mai kama da biliyan da ke nufin ninkinsa sau dubu. A rubuce ma akwai tarko: inda muke sa ɗigo a 2.5 su waƙafi suke sawa. A takardar tafinta ka rubuta lambar da alƙaluma, ka sake rubuta ta da kalmomi a gefe. Buhu kuma ka faɗi kilo nawa yake ɗauka, tunda buhun wata kasuwa ba na wata ba ne. "Baɗi", "jibi" da "bayan sallah" ka mayar da su kwanan wata, kuma in za a sa lokacin wani zama, ka tuna agogon Togo yana bayan na Nijeriya da awa ɗaya.

Karin magana, a ganina, ɗaya ya isa, kuma a faɗi ma'anar kafinsa. Shugaba ya ce aikin nan ba na ƙasa ɗaya ba ne, a fassara, sannan ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ko tafinta ya kasa samo makamancinsa, saƙon ya riga ya isa. Barkwancin da ya dogara da wasa da kalma ko da wasan ƙabila ka cire shi gaba ɗaya. Rabin zaure zai yi dariya, ɗaya rabin ya zauna yana jiran bayanin da ba zai ba shi dariya ba. In akwai aya, ka rubuta sunan sura da lambar ayar don ya nemo fassarar da aka riga aka buga, kada ya yi tasa a tsaye.

Takardar kanta ka buga ta da manyan haruffa, girman 14 ko 16, kowane yanki da lambarsa, ka bar layi biyu fanko a ƙarƙashinsa inda tafinta zai rubuta nasa. Kofi biyu iri ɗaya, ɗaya na shugaba ɗaya nasa, ta yadda in lokaci ya ƙure za a iya raɗa musu "tsallake zuwa 14". Ka sa alama tun yanzu a yankuna uku ko huɗu da za a iya zubarwa ba tare da an yi asara ba. A wani ɗan shafi daban ka jera sunayen mutane da garuruwa, da sarautu irin su Sarkin Kasuwa tare da bayanin aikin mai riƙe da ita, da gajerun sunaye: ECOWAS a wurinsu CEDEAO ce. Ka aika wa tafinta kwana biyu ko uku kafin taro, kuma in an canja wani abu da daddare, ka nuna masa lambar yankin da aka taɓa.

Ku gwada sau ɗaya, su biyun a tsaye, kai kana riƙe da agogo. A nan za ka gane inda rubutun ya yi nauyi. Idan shugaba ya yi daƙiƙa 20 tafinta ya gama a biyar, ya zubar da wani abu, yankin ya yi tsawo. Idan ya ninka lokacin shugaba, bayani yake ƙarawa, akwai kalmar da ba ta da takwara, sai ka sauƙaƙa ta. Idan ya juyo yana tambaya, galibi wani "shi" ko "su" ne bai gane mai shi ba. Ku kuma daidaita cewa zai yi magana da bakin shugaba, ya ce "muna roƙo", ba "ya ce suna roƙo" ba, in ba haka ba wajen tambaya da amsa za a rasa wa ya ce me.

Shi shugaba ka roƙe shi abu biyu: ya dubi jama'a ba tafinta ba, kuma kada ya fara sabon yanki sai tafinta ya rufe baki. In zai fita daga takarda ya ƙara nasa, wanda da wuya bai yi ba, ya riƙe tsawon yankin kamar yadda aka rubuta sauran.

Ka tabbatar da masu shirya taron cewa tafintan a gefe zai tsaya. In ya zamana na cikin akwatin gilashi ne, mai fassara kai tsaye ta na'urar kunne, to babu tsayawa, minti goman duk na shugaba ne, kana iya kai wa kalma 900 ko 1,000. Amma a nan ma ya karanta a hankali, ya ɗan dakata bayan kowace lamba, domin tafinta yana bin bayansa da 'yan daƙiƙoƙi, kuma takardar ta isa akwatin kafin a buɗe taro.