In ɗauki yaro a shago ko in ci gaba da ɗinki ni kaɗai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Mabera, nan cikin Sakkwato, kayan maza nake ɗinkawa. Ni kaɗai nake aiki da keke ɗaya, ga aiki ya soma fin ƙarfina: sati sai a kawo mini kaftani kamar goma sha takwas, ni kuma goma sha biyu nake iya fitarwa. Na fara saɓa alkawari, har ina ɓoye wa masu kaya. Abokai sun ce in ɗauko yara biyu 'yan koyo tunda ba a biyan su. Ina tsoron su ɓata wa mutane shadda. Me ya dace in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tsoronka yana kan hanya. Amma kafin ka saurari kowa, buɗe littafin da kake rubuta awo, ka duba watannin da ba na Sallah ba, kamar Muharram da Safar. Idan a waɗannan watanni ma aikin ya wuce abin da hannunka ke iya fitarwa, to kasuwa ce ta buɗe. Idan daga Sha'aban zuwa Babbar Sallah kawai yake cika, cunkoson lokaci ne, kuma ba a ɗaukar mutum na dindindin saboda shi.

Mu ɗauka kasuwar ce ta buɗe. Sai ka raba kaftani da wando ɗaya marar aiki zuwa sa'o'in da yake ci. Ga misali, kai ka gyara shi da agogonka da kuma farashinka: awo da yanka awa ɗaya, wuya da aljihu rabin awa, haɗa jiki da hannu da wando awa ɗaya da rabi, sai gamawa, wato wibin da kalmasa da botin da guga, awa ɗaya. Awa huɗu ke nan. A kwana shida na aiki, awa takwas-takwas, kana da awa 48, shi ya sa kake tsayawa a goma sha biyu. Ba lalaci ba ne, iyakar hannu biyu ke nan. A ce kana karɓar naira 8,000 a kan kowanne, zare da gam da botin da man janareta suna cin 1,500, ya rage 6,500. Sau goma sha biyu, naira 78,000 a sati.

To kawo ƙwararren mai haɗawa, wanda ya riga ya iya keke, ka biya shi 2,500 a kan kowane kaya da ya haɗa ya gama. Awo da yanka da wuya suna hannunka, tare da duba aikinsa, a ce awa biyu a kan kowane kayan da ka ba shi. Da wannan tsari, a awa 48 ɗinka za ka ɗinka shida kai kaɗai daga farko zuwa ƙarshe, ka kuma yanka masa goma sha biyu. Naka shida sun ba ka 39,000, nasa goma sha biyu a kan 4,000 sun ba ka 48,000. Duka 87,000. Wato ribar ɗaukar mutum a wannan misali 9,000 ce a sati, kuma ba a cire kuɗin keke na biyu ba. Teloli da yawa suna zaton kuɗi zai ninka, sai su ga ba haka ba. Babbar ribar ita ce kaya goma sha takwas sun fita a ranar da ka yi alkawari. Ka kuma lura: da za ka ƙara 1,000 a kuɗin ɗinki ka zauna kai kaɗai, goma sha biyunka za su ba ka 90,000, amma mutum shida za ka riƙa mayarwa kowane sati. Idan ba ka da burin faɗaɗa shago, wannan ma hanya ce, kuma ba abin kunya ba ne.

Yanzu maganar abokanka. Wannan zance na "ɗauko ɗan koyo tunda kyauta ne" ya karya shaguna da yawa, kuma kullum sai an maimaita shi a bakin kasuwa kamar karatu. Masu ba da shawarar galibi ba su taɓa riƙe almakashi ba. Ɗan koyo ɗalibi ne, kai ne malaminsa, kuma karantarwa lokaci take ci. A watanninsa na farko yaro bai iya miƙe layi ba, bai san ɗaurin zare ba, bai san tazarar da ake bari a bakin ɗinki ba. Duk lokacin da zare ya cukurkuɗe masa a ƙasan keke, ko allura ta karye, kai za ka tashi daga naka aikin. Idan ya ci maka awa ɗaya a rana, awa shida ke nan a sati, kaftani ɗaya da rabi ya tafi. Biyu kuwa, ka lissafa da kanka. Mutumin da ke fitar da goma sha biyu ana bin sa goma sha takwas, aka ce ya ɗauko abin da zai mayar da shi tara ko goma, wannan wace irin shawara ce? Ga kuɗin abincin rana da na mota da za ka riƙa ba su, don babu yaron da zai wuni a shago cikin zafin Sakkwato da ciki wayam.

Wannan ma ƙaramar asara ce idan aka kwatanta da ta yadi. Shadda ba ta yafe kuskure. Idan ɗinki ya karkace a gaban riga aka farke, ramukan allura suna nan a jere, mai kaya zai gan su daga nesa, musamman a shadda mai ƙyalli da tauri. Dutsen guga idan ya yi zafi da yawa aka ɗora shi kai tsaye a fuskar yadi, yakan bar tabo mai sheƙi ko ya ƙona, kuma ba wankin da ke fitar da shi. Idan zaren sama ya ɗaure da yawa, gefen riga zai tattare tun daga hammata har ƙasa, guga ba ta kwantar da shi. Sai kuma wadda ta fi yawa a lokacin cunkoso: farar shadda uku ta mutum uku a kan tebur ɗaya, yaro ya ɗauki hannun wannan ya liƙa a jikin waccan. A cikin shago da dare duk fari ne. Sai mai riga ya fito filin idi, rana ta haska, a ga hannu ya yi ruwan madara, jiki kuma fari fat. Kaftani da wando na babban mutum yakan ci yadi huɗu zuwa biyar, babu rarar da za ka sake fitar da gaba ko hannu. Idan shaddar ta naira 60,000 ce, ribar kaftani tara ta tafi a kuskure ɗaya.

Kuma kada ka ce ai yaro ne ya ɓata. Mai kaya kai ya ba wa, ba yaro ba. A fiƙihun Malikiyya da muke bi a nan, mai sana'ar da ya karɓi kayan mutane ya yi aiki a kansu ba a gaban idonsu ba, shi ke da lamunin kayan idan sun lalace a wurinsa. Telan da ke nuna yaro yana cewa "ka ga aikinsa", ya haɗa asarar yadi da zubar da mutunci.

Ban ce kada ka koyar da kowa ba. Kai ma wani ne ya zaunar da kai ya koya maka. Amma koyarwa jari ce da ake zubawa yau a ci bayan shekara ɗaya ko biyu, kuma lokacinta bayan Babbar Sallah ne, sa'ad da shago ya lafa. Yaro ɗaya ake ɗauka, a yi magana da mahaifinsa ko wansa a kan tsawon zamansa da abin da za a riƙa ba shi. Ya fara da ƙyalle, yana miƙe layi, sai botin, sai wibin, sai kalmasar wando a kan yadi mai araha, sai kayan yara. Almakashi da shaddar mutane su ne na ƙarshe. Masu ɗauko yara a goman farko na azumi su dasa su a kan keke, su ne za ka gani daren Sallah ana cacar baki a ƙofar shagonsu.

Abin da nake ba ka shawara shi ne mai haɗawa ɗaya, biyan kowane kaya, ba albashin wata ba. Albashi yana cin ka a watan da babu aiki, shi kuwa biyan kaya yana hawa yana sauka tare da kasuwa. Illarsa ɗaya: wanda ake biya a kan adadi yana gaggawa. Maganinta a faɗa tun ranar farko, cewa sai kaya ya wuce dubawarka ake ƙirga shi, kuma gyaran kuskurensa babu ƙarin kuɗi. Kai ma ka riƙe naka ɓangaren, ka biya shi a ranar da kuka yanke, ko mai kaya ya zo ya karɓa ko bai zo ba. Bashin mai kaya naka ne, ba nasa ba. Mai haɗawar da aka riƙe wa kuɗi sati biyu, a sati na uku yana shagon maƙwabcinka, kuma ranar da kake tsananin buƙatarsa zai tafi.

Kafin ka amince da shi, sayo yadi mai sauƙin kuɗi a Babbar Kasuwa, ka yanka kaftani ɗaya ka ba shi. Idan ya gama, juya rigar ka duba cikinta. Dubi hammata, inda ɗinkin hannu da na gefe suke haɗuwa, ko sun dace ko ɗaya ya wuce ɗaya. Rataye ta ka ga ko tsagar gefe biyu sun yi tsawo ɗaya. Ɗora tef a ƙirji da kafaɗa ka gwada da awon da ka yanka, domin mai cin tazarar ɗinki da yawa yakan rage inci ɗaya a faɗin riga ba tare da ya sani ba, sai mai kaya ya sa ya ji ta kama shi.

Awo da yanka da wuya kada su bar hannunka. Mutanen da suka baro wasu teloli suka zo Mabera, zaman riga a kafaɗa da tsaftar wuyanka suka biyo. Karɓar kaya da kuɗi da lambar wayar masu kaya ma kai za ka riƙe. Duk kayan da ka yanka, rubuta lamba da alli a bayan kowane yanki, ka ɗaure su a leda ɗaya tare da takardar awo da ranar karɓa, kuma kada a buɗe leda biyu a kan keke ɗaya. Idan gamawa ce ta fi cin ka, akwai matakin da ya fi wannan sauƙi: ka riƙa kai wibin da ramin botin wurin masu injinsu ka biya a kan kowane kaya, kamar yadda kake kai aikin adon wuya wurin masu monogiram.

Idan ka yanke shawarar ɗauka, ka kawo shi a Rajab ko farkon Sha'aban, ku yi wata guda kuna sabawa da hannun juna kafin azumi. Kuma ko da shi a shago, ƙirga abin da ku biyu kuke fitarwa a sati, ka ninka da satuttukan da suka rage kafin Sallah, ka cire sati ɗaya na gyara da ɗaukewar wuta. A misalinmu, idan sati biyar ya rage, huɗu za ka lissafa, kaya 72 ke nan. Na 73 idan ya zo, ka gaya masa sai bayan Sallah tun bai ajiye ledarsa ba.