Awa talatin, farashi uku: yadda za ka gane ko an biya ka kuɗin obatayim daidai

Tambaya: Barista, ina aiki a wata masana'antar robobi a Kano, albashina naira 88,000. Takardar ɗaukar aikina ta ce muna aiki Litinin zuwa Juma'a, awa 8 a rana, kuma ana raba albashi gida 176 don a fitar da kuɗin awa ɗaya. Ƙarin lokaci a ranar aiki ninki ɗaya da rabi ne, Asabar da Lahadi ninki biyu, ranar hutun gwamnati ninki biyu da rabi. A watan Oktoba na yi ƙarin awa 10 a ranakun aiki, na zo Asabar biyu na yi awa 6 kowace, sannan na yi awa 8 ranar 1 ga Oktoba, wadda ta faɗo Laraba. An biya ni 22,500. Raina bai kwanta ba. An cuce ni ne, kuma me doka ta ce?

Amsa: Malam, da alama kana bin su kuɗi. Nawa ne, wannan ya rataya a kan jimla ɗaya a cikin takardarka, kuma zan zo kanta.

Ma'aikata da yawa sun ɗauka doka ce ta yanka farashin obatayim. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta yanka ba. Sashe na 13 ya ce awannin aiki na yau da kullum su ne waɗanda aka amince a kai, ko dai tsakanin ma'aikaci da mai aiki, ko ta yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago, ko ta hukumar tsara albashin masana'antu, kuma duk abin da ya haura haka ƙarin lokaci ne. Bai faɗi ninki nawa za a biya ba. Saboda haka ƙarfinka yana cikin takardar ɗaukar aikinka. Da zarar kamfani ya rubuta ninki biyu ya sa hannu, ya zama alƙawarin da kotu za ta tilasta masa cikawa. Ka adana wannan takarda da kyau, ka kuma ɗauki hotonta a waya.

Yanzu mu yi lissafin. Naira 88,000 a raba gida 176, awa ɗaya ta kama 500. Ninki ɗaya da rabi ya zama 750, ninki biyu 1,000, ninki biyu da rabi 1,250. Awa 10 na ranakun aiki sun ba ka 7,500. Awa 12 na Asabar sun ba ka 12,000. Awa 8 na ranar hutu sun ba ka 10,000. Idan aka haɗa, 29,500 ke nan.

Ga hanya mafi sauƙi ta gano inda aka yi kuskure: ka raba abin da aka biya ka da yawan awannin. Naira 22,500 a raba gida 30 ta ba da 750 cif. Wannan ya nuna ba a zubar maka da awa ko ɗaya ba, amma an tara su wuri guda an biya su duka a farashin ranar aiki. Haka takan faru idan takardar shiga da fita tana da gurbi ɗaya tak na ƙarin lokaci, akanta ya ga jimilla kawai bai ga ranakun ba. Giɓin ya zama 3,000 a Asabar biyun, da 4,000 a ranar hutu, wato 7,000.

Ina da yaƙini a kan 3,000 ɗin nan, domin Asabar ba ta cikin ranakun da albashinka ya biya. A kan 4,000 kuwa, ka shirya jin musu. Kamfani zai iya cewa 1 ga Oktoba Laraba ce, albashin wata ya riga ya biya ka ninki ɗaya na wannan rana ko ka zo ko ba ka zo ba, don haka ninki ɗaya da rabi kawai ya rage a cika maka biyu da rabi. Idan ka lissafa, 750 sau 8 ya ba da 6,000, daidai abin da suka biya. Wannan hujja ba shirme ba ce, akwai wuraren aikin da haka tsarinsu yake. Don haka koma ka karanta jimlar da kyau. Idan ta ce ana biyan ninkin ne bayan albashi, ko ƙari a kansa, 4,000 naka ne. Idan ta ce ninkin ya haɗa da albashin ranar, babu. Idan ta yi shiru, sai a duba yadda aka saba biya: nemo takardar albashinka ta watan da aka yi hutun Sallah ko na 12 ga Yuni, ka ga yadda aka lissafa. Sannan kamfani ne ya rubuta takardar, kuma kotuna kan fassara maganar da ke da harshen damo a kan wanda ya rubuta ta.

Tunda za ka buɗe takardun, ka duba mintuna ma. Awa ɗaya da minti 30 ita ce 1.5 a lissafi. Idan aka shigar da ita 1.30, an rage maka minti 12 ba tare da kowa ya lura ba. Ka kuma duba ko an cire awar hutun cin abinci a ranar da ba ka samu hutun ba.

Matakin farko ba kotu ba ne. Rubuta wasiƙa gajera zuwa ofishin kula da ma'aikata, cikin ladabi, ka jera kwanan wata, ranar mako, lokacin shiga da na tashi, ninkin da ya dace, da abin da ya rage. Ka nemi kwafin takardar shiga da fita ta watan, ka kuma sa a buga maka hatimin karɓa a kwafin wasiƙarka. Sashe na 75 na dokar ya wajabta wa mai aiki ajiye bayanan albashi har shekara uku, don haka “mun jefar” ba amsa ba ce. Idan dokar kamfani ta ce sai sufabaiza ya amince kafin a yi ƙarin lokaci, haɗa da sa hannunsa ko saƙon da ya turo maka na ka zo ranar Asabar. A wannan gaɓar ce ƙorafi da yawa ke faɗuwa.

Idan ba su gyara ba, kai wa wakilin ƙungiyarku, in kuna da ita. In babu, je ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharka, jami'in ƙwadago zai iya kiran ɓangarorin biyu a sasanta. Bayan nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda sashe na 254C na Kundin Tsarin Mulki ya ba hurumin shari'ar albashi, kuma tana da reshe a Kano. A can, kuɗin obatayim sai ka fayyace shi awa-awa ka kuma kawo shaida. Alƙali ba zai yi maka ƙiyasi ba.

Gaskiya ba zan ba ka shawarar shigar da ƙara a kan 7,000 ba, kuɗin lauya ya fi shi. Amma kuskure irin wannan da wuya ya tsaya a wata ɗaya ko mutum ɗaya. Ɗauko takardun albashinka na watannin baya ka yi musu wannan rabon, abokan aikinka ma su yi nasu. Idan an daɗe ana haka, ƙorafin haɗin gwiwa ya fi nauyi, kuma ya fi kare ka daga tsangwama. Kada ka bar shi ya kwana shekaru, domin akwai wa'adin shigar da ƙara. Kafin nan, idan suka ba ka 3,000, ka karɓa, amma kada ka sa hannu a takardar da ta ce ba ka bin su komai sai an warware maganar ranar hutun a rubuce.