Rage ma'aikata a Saudiyya: kada ka sa su rubuta istiƙala

Tambaya: Ni manaja ne a wani ƙaramin kamfanin shara da goge-goge a Jidda. Kwangila ɗaya ta kuɓuce mana, dole mu sallami mutum 6 cikin 22, yawancinsu 'yan uwanmu ne, wasu tare muke sallah. Mu'aƙƙibinmu, mai bi mana takardu a ofisoshin gwamnati, ya ce kowa ya rubuta istiƙala, wato takardar ajiye aiki, ya fi sauƙi. Na kasa barci. Ta yaya zan faɗa musu?

Amsa: Alhaji, maganar mu'aƙƙibin nan ka ajiye ta gefe. Kullum sai na ci karo da ita, kullum da zaƙin baki iri ɗaya: wai "takarda ce kawai, don canjin kafala, wato komawa hannun wani mai ɗaukar aiki, ya yi sauri." Ba takarda ba ce kawai. Wanda ya rubuta istiƙala ya shaida da hannunsa cewa shi ya ajiye aiki, sai lissafinsa ya bar sashe na 84 na dokar ƙwadago ya koma na 85, inda ake yanke masa haƙƙi.

Ɗauki ma'aikaci mai albashin riyal 3,000 har da alawus ɗin gida (da cikakken albashin ƙarshe ake lissafi, ba da tushensa kaɗai ba), ya shekara 7 a wurinku. Shekaru biyar na farko rabin wata-wata ne, 7,500 ke nan. Biyun da suka biyo baya wata guda-guda, 6,000. Kuɗin sallamarsa 13,500. Da ya sa hannu a istiƙala, kashi biyu cikin uku zai samu, wato 9,000. Mai shekara 3 kashi ɗaya cikin uku zai tashi da shi, wanda bai cika shekara 2 ba kuwa ko sisi.

Ba a nan asarar ta tsaya ba. Kwantiragin wanda ba ɗan ƙasa ba mai wa'adi ne. In ka yanke shi ba tare da dalilin da doka ta yarda da shi ba, sashe na 77 ya ɗora maka albashin watannin da suka rage, kuma ba zai gaza na wata biyu ba, sai in kwantiragin ya ayyana wata diyya. Mutumin namu in saura masa wata 4, riyal 12,000 ne. Sashe na 74 ya ambaci rufe kamfani gaba ɗaya ko daina sana'ar da ma'aikacin yake ciki; ku kuwa har gobe kuna shara, don haka kada ka dogara da kwangilar da ta kuɓuce. Haɗa 12,000 ɗin da 4,500 da istiƙala ta yanke masa, jimilla 16,500 mu'aƙƙibi yake so ka zare daga aljihun mutum ɗaya, ka kira shi sauƙi. Kuma ba tsira ba ce: ma'aikaci yana da wata 12 ya kai ƙara, a fara da zaman sulhu, in ya gagara a wuce kotun ƙwadago. In kuɗin sun yi nauyi, ka duba waɗanda wa'adinsu ya kusa cika, ka sanar da su a rubuce, cikin lokacin da kwantiragin ya tanada, cewa ba za a sabunta ba.

Batun zaɓe kuwa, rubuta ma'aunin kafin ka kalli sunaye: su wa ke aiki a wurin da aka rasa, daɗewa a aiki, da abin da ke rubuce na zuwa aiki. Kada ɗan garinku ya tsira don ɗan garinku ne. Mai jinyar da bai cinye hutun rashin lafiyarsa ba, da mai hutun haihuwa, kada ka taɓa su saboda wannan hutun.

Kira su ɗaya bayan ɗaya a ofis, ban da rukunin WhatsApp, ban da bakin masallaci. Bayan gaisuwa kada ka yi ta kewaye-kewaye: "Malam, kwangila kaza ta ƙare, aikinka zai tsaya ran kaza. Ba laifi ka yi ba. Ga yadda muka zaɓa, ga lissafinka." Sai ka yi shiru ka bar shi ya yi magana, ko da mai zafi ce. Miƙa masa takardar da Larabci da harshen da yake karantawa, ya tafi da ita gida. Kada ka ce ya sa hannun "na karɓi haƙƙina duka" alhali kuɗin ba su shiga ba.

Takardar ta nuna kuɗin hutun da bai ci ba, da ranar biya, wadda ba za ta wuce mako guda da ƙarewar aiki ba. Shaidar aiki kyauta ce. Abin da zai fi damunsa iƙama ce, wato izinin zama a ƙasar, don haka ka tambaye shi: wani kafili, sabon mai ɗaukar aiki, zai nema, ko gida zai koma? In canji ne, ka ba shi lokacin neman aiki, kuma kada ka yi gaggawar buga masa bizar fitar ƙarshe kafin buƙatar sabon wurin ta shigo ta Qiwa, shafin gwamnati na harkokin ma'aikata. In gida ne, tikitinsa a kanku yake.