Takardarka ta ce kai malami ne, su kuma mai kula da sito suke nema

Tambaya: Salamu alaikum Hajiya. Ni ɗan Nima ne a nan Akra, ina da babbar difloma a fannin sayayya da adana kaya. Na tura sibi ɗina, wato takardar tarihin karatuna da aikina, wajen kamfani 20 masu neman mai kula da sito, ko ɗaya bai kira ni ba. Me kuke fara gani idan kun buɗe takardar mutum? Ga tawa na haɗo miki.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Na buɗe takardar taka kamar yadda nake buɗe kowace a ofis, wato a tsaitsaye, na ƙirga bakwai na rufe. Abin da ya tsaya mini a kai shi ne: saurayi musulmi, bai yi aure ba, ya koyar a makaranta shekara ɗaya, tun daga nan yana zaune a gida. Da a tebur ɗina ta faɗo ranar da nake neman mai kula da sito, da ta bi 'yan'uwanta gefen hagu, tsibin waɗanda ba za a kira ba. Sai da na koma na karanta a natse don in ba ka amsa, na tarar a shafi na biyu ashe ka yi shekaru kana riƙe da sito na gaske.

A kallon farko babu mai karanta takarda. Talla ɗaya kan jawo takardu fiye da abin da mutum zai iya karantawa a yini, alhali biyar ko shida kawai zan kira mu zauna. Don haka zagayen farko na rage tsibi ne, kamar mai tsintar shinkafa: tsakuwa take nema ta fitar, ba ta tsayawa yaba ƙwaya. Wani kamfanin tallar ayyuka na Amurka mai suna TheLadders ya taɓa sa na'urar bin ƙwayar ido a kan masu ɗaukar ma'aikata. A 2012 ya ce kallon farko daƙiƙa 6 ne, a 2018 ya ce 7.4. Mutane kaɗan aka gwada, kuma kamfanin yana da abin da yake son sayarwa, saboda haka kada ka ɗauki lambar kamar aya. Amma wuraren da suka ce ido ke sauka, su ne nawa ma ke sauka: suna, sunan aikin da mutum ke yi yanzu da inda yake yi, aikin da ya gabace shi, shekarun farawa da gamawa, sannan karatu.

A cikin waɗannan, sunan aikin ƙarshe shi ne ke yanke hukunci. Ina riƙe da kalma ɗaya a kaina, wadda na rubuta a talla, ina neman 'yar'uwarta a saman takarda. Idan na ganta, na ci gaba. Idan na ga wata dabam, sai in an yi sa'a ban gaji ba.

To, ga yadda taka ta kasance. Kashi ɗaya cikin uku na shafin farko, wurin da ya fi kowane tsada, ka cika shi da ranar haihuwa, garin asali, addini, aure, sai wani sakin layi da ke cewa kai mai ƙwazo ne mai son ba da gudummawa ga ci gaban kamfani. Wallahi wannan jimlar na ganta a takardar direba, na ganta a ta akanta, na ganta a ta mai neman gadi. Da alama duk daga kwamfutar shagon buga takardu ɗaya ta fito. Ido ya saba da ita har ba ya ganinta. Bayan nan ka jero makarantu tun daga firamare. Sai can ƙasa aka iso ga aiki, kuma na farko a jerin shi ne `Teaching Assistant`, Nuwamba 2023 zuwa Oktoba 2024.

Na san bautar ƙasa ce, kuma duk wanda ke ɗaukar ma'aikata a Ghana ya san ba kai ka zaɓi inda aka tura ka ba. Ana kai wanda ya karanta lissafin kuɗi aji ya riƙe alli. Amma kai ba ka rubuta cewa bautar ƙasa ce a layin ba, sai ta zauna a matsayin sana'arka. Kuma da yake babu komai a samanta, sai ta ce mini tun Oktoba 2024 ba ka taɓa aiki ba.

Ainihin abin da ya kamata in fara gani ka ɓoye shi a shafi na biyu da layi guda: `Shop Assistant`, 2019, ba wata, ba ƙarshe, ba bayani. A saƙon da ka ƙara turo mini ne na gane shagon kawunka ne na sarin shinkafa da mai da sukari, kai ke karɓar kaya idan mota ta kawo daga Tema, kai ke ƙirga buhuna ka gwada da takardar rakiyar kaya, kai ke riƙe littafin shige da fice, kuma ka koma can tun da ka gama bautar ƙasa. Ƙanena, wannan ai shi ne aikin mai kula da sito. Kunya ka ji don shagon dangi ne a Zango, ba kamfani mai gilashi a hanyar Spintex ba. Yaranmu da yawa haka suke yi: aikin da suka iya su raina shi, wanda aka tilasta musu su ɗora shi a ka.

Gyaran ba ya buƙatar ƙarya ko ɗaya. A ƙarƙashin sunanka da lambar waya, sa layi ɗaya da ke faɗin ko kai wane ne a fagen aiki: mai kula da sito, shekara biyar da ɗoriya a sarin kayan abinci, mai babbar difloma a sayayya da adana kaya. Daga nan aiki ya biyo, sabo a sama. Na farko `Storekeeper`, sunan shagon, Nima, Nuwamba 2024 zuwa yau. Na biyu bautar ƙasa, ka kira ta da sunanta, layi ɗaya ya ishe ta. Na uku shagon kuma, daga watan da ka fara a 2019 zuwa Oktoba 2023, ka ƙara da cewa kana yi kana karatu. Karatu ya koma ƙasa, a fara da difloma, a tsaya a sakandare. Firamare ta huta.

Sunan shagon ba zai gaya mini komai ba, tunda ban san shi ba. Idan na ga sunan babban kamfani, kaina da kansa yake cike sauran. Idan ƙaramin wuri ne, dole ka cike mini da 'yan kalmomi: sarin shinkafa, mai da sukari, ma'aikata shida. A ƙarƙashinsa kuma ka sa adadi, domin a shafi cike da haruffa lamba ce ke kama ido. Ka ce mini kana karɓar buhu kusan 600 a mako, kana ƙidayar kaya duk ƙarshen wata, ka kuma mayar da littafin hannu zuwa Excel. Waɗannan ukun sun fi duk sakin layin ƙwazon nan nauyi. Wanda ya san sito yana ganinsu zai gane ka taɓa tsayawa a bakin mota da biro a kunne.

Iyakar wannan dabara ita ce gaskiya. Sunan aiki ya dace da abin da hannunka ya yi. Na taɓa samun wanda ya rubuta wa kansa manajan jigilar kaya a shagon da mutum uku ne kacal a ciki. Ya tsallake kallon farko, na kira shi, na tambaye shi me yake yi idan littafi ya ce buhu 200, ƙidaya ta ce 196. Ya yi ta kame-kame. Mai sito na gaske ba ya tunani a kan wannan: zai sake ƙidaya, ya bi takardun fitar kaya na kwanakin, ya duba ko akwai wanda ya fashe aka ware ba a rubuta ba, sannan ya kai rahoto. Kai ka san amsar, shi ya sa `Storekeeper` ya halatta gare ka. Manaja bai halatta ba tukuna.

Shekaru kuma a rubuta su da wata. "2022 zuwa 2023" na iya zama wata biyu, na iya zama kusan shekara biyu, kuma idan mutum ya ɓoye watan, zuciya gajeren take zato. A jera su gefe ɗaya, ido ya gangara ya ga babu rami. In akwai rami na gaske, jinya ko tafiya, layi ɗaya na bayani ya fi shiru.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba, unguwa. Sito da sassafe ake buɗe shi. Idan aikin a Tema yake, na ga Kasoa a adireshi, take zan fara lissafin awannin da mutum zai kwashe a trotro kullum, in yi tunanin wata nawa zai jure. Daga Nima wannan ba babbar matsala ba ce. Ko akwai masu ganin sunan Zango su ja baya? Akwai, ban ɓoye maka ba, na zauna da irinsu a ɗakin tantancewa. Ni dai ba na ba yaro shawarar ya sauya suna ko ya ari adireshin wani. Rubuta Akra kawai ya wadatar idan ka ga dama, addini da aure kuma ba wanda ya tambaye ka, cire su ka ba aiki wurin.

Takardar da ka turo mini hoton takarda ce da aka ɗauka da waya, har da inuwar hannunka a gefe. Ka mayar da ita PDF, ka sa mata sunanka da sunan aikin maimakon `IMG_2041`. Sau da yawa a waya ake fara buɗe ta, inda saman shafin kaɗai ke fitowa.

Kafin ka sake turawa, ka gwada ta. Miƙa wa wani da bai san aikinka ba, ka ƙirga bakwai, ka karɓe, ka tambaye shi wane aiki mai wannan takarda yake yi. In ya ce mai kula da sito ne a wajen 'yan sari, ta yi. In ya tsaya yana cewa da alama yaron kirki ne, koma ka sake gyara saman. Sannan ka je ka zauna da Kawu ka gaya masa abin da ka rubuta, da sunan aikin da watannin, domin lambarsa ka bayar a matsayin mai shaida. Ranar da muka kira shi, kada ya ce, "Ai ɗana ne, yana ɗan taya ni zaman shago."