Amsar Yaya kan karatun bayan asuba

"Yaya, wai dole ne karatun bayan asuba da Baba ya ɗora min kullum? Abokaina sun ce al'adar mutanen da ce, mu bari sai saura sati biyu WAEC mu yi kwanan zaune mu haddace amsoshin shekarun baya."

Auta, saƙonka ya ba ni dariya, daga baya kuma hankalina ya tashi. Hajiya Babba, Allah ya jiƙanta, takan ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ba ta taɓa shiga aji ba take faɗin haka.

Ka tuna yadda ake yi a makarantar allo ta zauren unguwarmu. Yaro ba ya wanke allonsa don ya ce ya iya. Sai ya durƙusa gaban malam, an juya allon, ya kawo karatun da ka. In ya yi tuntuɓe a aya ɗaya, ya koma ya zauna. In ya wuce ma ba a barinsa da sabon karatu kaɗai, dole ya riƙa tishin na baya, saboda malamai sun san wanda ya kai Amma ya bar tishi, ranar da aka ce ya karanto Sabbi sai ya tsaya yana kallon ƙasa. Baba a wannan tarbiyyar ya tashi, ita yake ɗora maka. Ku kuwa yaran yanzu, ku buɗe littafi da waya a gefe, ido ya bi shafi, ku ce kun yi bita.

Bari in ɗauki lissafi, tunda shi da Turanci ne ba a shiga jami'a sai da kiredit a cikinsu, wato C6 zuwa sama, cikin darussa biyar. D7 ba za ta yi maka komai a nan ba. Takarda ta biyu ta lissafi awa biyu da rabi ce, tambayoyi goma za ka amsa, biyar na farko tilas. Ka ga kowace tambaya tana da kimanin minti 15. Kuma mai duba takarda matakan aiki yake ba wa maki, ba amsar ƙarshe kaɗai ba. Wanda ya haddace amsa, da an sauya lamba ɗaya ba shi da abin rubutawa.

Ga yadda za ka raba awa ɗaya bayan asuba. Minti 20 na farko tishi ne: ka rufe littafi, ka sake yin tambayoyi biyu daga abin da ka yi jiya da wanda ka yi makon jiya. Sauran minti 40 ka ɗauki babi ɗaya tak, ka karanta misali guda, ka rufe shi, ka yi tambayoyi biyu ko uku daga takardun shekarun baya da agogo a gabanka. Kada ka leƙa amsa sai ka gama.

Sannan ka ware ƙaramin littafi na kurakurai. Nan ne amfanin yake, don haka ga misali. An ba ka 3x + 2y = 12 da 3x − y = 3. Za ka ɗebe ta biyu daga ta farko. Yara da yawa a nan suke faɗuwa, su rubuta y = 9, saboda sun manta cewa 2y − (−y) yana ba da 3y. Daidai shi ne 3y = 9, y = 3, sai x = 2. Ta yaya za ka gane ka kauce tun kana cikin ɗakin jarrabawa? Ka mayar da amsarka cikin duka biyun. In ka ɗauki y = 9, ta farko za ta ba ka x = −2, ka sa a ta biyu ka samu −15 maimakon 3. Wannan dubawa ba ta cin minti ɗaya. A littafin kurakuran kada ka rubuta "na faɗi lamba 4". Ka rubuta ainihin ciwon: "alamar ɗebewa ta haɗu da wata, na manta ta koma tarawa." Bayan kwana uku ka sake yin tambayar, bayan mako guda ka ƙara. In ka ci sau biyu a jere ba tare da leƙe ba, ka soke ta.

Ranar Asabar ka zauna da cikakkiyar takarda ɗaya, awa biyu da rabi ba tashi, da kalkuletar da za ka shiga da ita, don hannunka ya saba da maɓallanta.

Batun kwanan zaune kuwa, ka san zafin Kano a watan Mayu, ga wuta ba tabbas. Wanda bai yi barci ba, irin waɗannan ƙananan alamomin yake fara ɓatawa. Kuma kana gama WAEC, NECO na biye a Yuni da Yuli, jikin da aka gajiyar tun farko ba zai kai can da ƙarfi ba.

Ko dole sai bayan asuba? Wannan tsakaninka da Baba ne, ni ba zan shiga ba. Amma ranar Juma'a in na zo gida zan karɓi littafin kurakuran in gani. Ka gaishe min da Umma.

Yayarka